Ku daina yanke maganin ciwon damuwa da kanku

A watan nan kaɗai mutum huɗu suka dawo mini da magana iri ɗaya, kuma dukkansu da ragowar magani a jaka. Biyu sun ce sun sha na kwana goma ba su ga komai ba, suka ajiye. Biyu kuma sun ce sun ji sauƙi, to me ya rage? Wallahi na gaji da jin waɗannan maganganu biyu, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Bari in fara da abin da muke kira ciwon damuwa, don ba kowane ɓacin rai ba ne. Wanda aka yi wa rasuwa ko ya tafka asara zai yi baƙin ciki, kuma a hankali yakan lafa. Ciwon da nake nufi shi ne wanda ke kama mutum kusan kullum, kusan duk yini, har mako 2 ko fiye. Zuciya a ƙuntace, ko kuma abin da yake so a da ya fita masa a rai gaba ɗaya. Sai barci ya lalace, wani ya farka tsakar dare ya kasa komawa, wani kuma barcin ya yi masa yawa. Cin abinci ya ragu ko ya ƙaru, jiki ya mutu, hankali ya ƙi tsayawa wuri guda, mutum ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani har ya fara tunanin gara mutuwa. Alamomin da likitoci ke dubawa guda 9 ne, idan 5 suka haɗu har suna hana mutum aikinsa, to ciwo ne, ba lalaci ba ne. Da yawa ma ba da kukan baƙin ciki suke zuwa ba, ciwon kai da kasala suke kawowa. Mukan kuma duba jini, domin ƙarancin jini da raunin tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya mai sarrafa kuzarin jiki, kan kawo alamomi masu kama da haka.

Wata baiwar Allah, shekarunta talatin da 'yan kai, yayanta ne ya kawo ta. Wata uku tana farkawa ƙarfe uku na dare, ta rame, ta daina fita aiki, ko wanka sai an matsa mata. Likita ya ɗora ta a kan fulokzetin, miligiram 20 kowace safiya. Na zaunar da su na ce musu a makon farko za ta iya jin tashin zuciya da ciwon kai, kuma sauƙin ba zai zo da wuri ba. Suka ce sun ji. Bayan kwana tara yayan ya karɓe maganin, wai yana sa ta amai kuma ba ya aikin komai. Sai da wata guda ya wuce suka dawo, ta fi da lalacewa. Na ce masa, "Malam, da ka kira ni kafin ka ɗauke." Ya ce, "Likita, tausayinta na ji." Na san tausayi ne, ban musa ba. Amma tausayin nan ya ci mata wata guda na rayuwarta.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, wannan magani ba kamar na ciwon kai ba ne da za ka haɗiya ka ji sauƙi cikin awa ɗaya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wasu sinadarai, irin su serotonin da noradirenalin, kuma su ne maganin ke taɓawa. Yana fara ɗaga sinadarin tun ranar farko, amma ƙwaƙwalwa tana ɗaukar makonni kafin ta daidaita kanta da wannan canji. Shi ya sa illolin ke riga amfanin isowa. Sauƙi kan fara bayyana tsakanin mako 2 zuwa 4, wani sai 6, kuma galibi barci da cin abinci ne ke fara gyaruwa kafin zuciya ta sake. Kada kuma wani ya ce muku ciwon duk ƙarancin sinadari ɗaya ne. Gado yana ciki, doguwar wahala tana ciki, haihuwa da wasu cututtuka suna ciki.

Muka sake farawa da ita. A mako na uku ta fara kai wa asuba tana barci, a na shida ta koma aiki. Me kuke tsammani ya faru a wata na biyu? Ta ajiye maganin da kanta, wai ta warke! Kafin wata biyu su cika tashin daren ya dawo.

Jama'a, jin sauƙi alama ce cewa maganin yana aiki, ba alamar cewa aikinsa ya ƙare ba. Ƙa'idar ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan alamomin sun tafi, wanda kuma ciwon ya sha dawo masa akan kai shi shekara 2 ko fiye. Ranar da za a daina ma ba a yankewa lokaci guda, likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni. Wanda ya yanke kwatsam zai iya fama da jiri, tashin zuciya, saurin fushi, munanan mafarkai, wani ya ji kamar lantarki na fizgarsa a kai. Daga nan sai a ce, "Ka gani ko, ya kama shi kamar ƙwaya." A'a. Ɗan ƙwaya yana kwaɗayin ƙari ne don ya bugu, wannan kuwa ba ya bugarwa, jiki ne kawai ya saba da shi yake neman a janye masa a hankali.

Ba kowa ne ma ke buƙatar magani ba. Idan ciwon bai yi tsanani ba, zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum kama mugun tunaninsa da komawa ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, yana iya wadatarwa, tare da motsa jiki. Idan ya yi nauyi, haɗa biyun ya fi. Wanda ya kai ga ƙin ci da sha gaba ɗaya kuwa, kwantarwa ake yi, kuma akwai jinyar lantarki da ake yi wa ƙwaƙwalwa bayan an sa mutum barci, tana ceto rai. Idan magani ɗaya ya ƙi bayan mako 4 zuwa 6, akan ƙara yawansa ko a canja wani. Canjawa ake yi, ba jefarwa ba.

A gurguje:

- Magani ya dame ka, dawo ka faɗa, kada ka ajiye. Har da raguwar sha'awa, ba abin kunya ba ne, mun saba ji.
- Kada ka ba wani naka, kada ka haɗa da barasa.
- Idan ka taɓa yin kwanaki ba barci amma kana jin ƙarfi, ga surutu da ɓarnar kuɗi, faɗa wa likita tun farko, domin wannan wani ciwo ne daban kuma maganin damuwa shi kaɗai zai iya tayar da shi.
- Amitiriftilin, ɗaya daga cikin magungunan damuwa, yana da haɗari idan aka sha da yawa, wani a gida ya riƙe shi.
- A sa ido sosai a makonnin farko, musamman ga 'yan ƙasa da shekara 25. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Ita baiwar Allahn yanzu tana wata na biyar a zagaye na uku. Yayan nata ne ke kirana duk ƙarshen wata ya tuna mini cewa maganinta ya kusa ƙarewa.