Sharaɗi a Larabci: ina ake jazma, ina ba a yi?

Malam, iza tana jazma?

A'a. Sai dai mawaƙi ya matsu a cikin baiti, kai kuma zube kake rubutawa. Ka ce "iza tazuruni ukrimuka" da rufu'a, ko ka kawo mali wanda shi ya fi yawa: "iza zurtani akramtuka". Lau, laula, kullama da lamma duk haka suke, suna ɗauke da ma'anar sharaɗi amma ba sa taɓa ƙarshen fi'ili.

To waɗanne ne suke yi?

In, izma, man, ma, mahma, mata, ayyana, aina, anna, haisuma da ayyu. Kowanne fi'ili biyu yake yi wa jazma, na sharaɗi da na jawabi: "man yazra' yahsud". Haisu da iz ba sa wannan aiki sai an manna musu "ma". Ku haddace, wannan ba abin da za a riƙa tambaya kullum ba ne.

Na ga "fa in yasha'illahu" da kisira. Fi'ili yana karɓar jarra ke nan?

Subhanallah! Fi'ili ba ya jarra har abada. Ɗauri ne a kan hamzar, sai ya ci karo da ɗaurin lamin da ke biye, aka motsa na farko da kisira don harshe ya wuce. Majzumi ne, ga shi nan a Suratush Shura aya ta 24, jawabinsa "yakhtim" da ɗauri ƙuru-ƙuru.

Na rubuta "in tajtahid fa tanjah", malami ya ja mini jan biro. Wani littafi kuma na ga jawabi da rufu'a bayan in. Wanne ne daidai?

Kwantar da hankalinka, wannan wurin ko manyan ɗalibai suna tuntuɓe a kansa. Malaminka ya yi daidai. "Tanjah" fi'ili ne da zai iya zama kai tsaye bayan in, don haka ba ya bukatar fa. Fa tana wajaba ne idan jawabin ba zai iya tsayawa a matsayin fi'ilin sharaɗi ba: jumlar suna, ko umarni da hani, ko fi'ili daskararre irin laisa da asa, ko wanda ma, lan, ƙad, sin ko saufa suka gabace shi. A nan za ka ce "in tajtahid fa saufa tanjahu". Lura da rufu'ar. Da zarar fa ta shigo, in ba ta ƙara kai hannu ga lafazin fi'ilin, jumlar ce gaba ɗaya take zama a gurbin jazma. Kuskurenka shi ne ka haɗa fa da ɗauri wuri ɗaya. Ko da fa ta hau kan mulari'i tsura, rufu'a ake yi, kamar a Suratul Ma'ida aya ta 95: "wa man ada fa yantaƙimullahu minhu". Malaman nahawu suna ƙaddara "huwa" a tsakani.

Rufu'ar da ka gani a littafi kuwa, sai an ga jumlar kafin a yanke hukunci, don ƙofofinta sun kai uku ko fiye. Duba fi'ilin sharaɗin tukuna. Idan mali ne, kamar "in ƙama Zaidun yaƙumu Amrun", rufu'a ta halatta, ko da yake "yaƙum" da jazma ya fi kyau a wurin mafi yawansu. Idan duka biyun mulari'i ne kuma aka yi wa jawabi rufu'a, wannan mai rauni ne, kada ka kwaikwaya. Sannan duba ko akwai lam kafin in. "La'in" rantsuwa ce ta riga sharaɗi, kuma wanda ya riga shi ke cin jawabi. Shi ya sa a Suratul Hashri aya ta 12 aka ce "la'in ukhriju la yakhrujuna ma'ahum", nun tana nan daram. Da jawabin sharaɗi ne da ta faɗi.

Idan kuma man ce a jumlar, mai yiwuwa ba ta sharaɗi ba ce, ta ma'anar "allazi" ce, wadda ba ta jazma. Wani lokaci duka fuskokin biyu suna yiwuwa, ma'anar da marubuci ya nufa ce take rabewa. A jarrabawa dai ka yi jazma matuƙar babu fa, babu lamin rantsuwa.

"In tad'uni ujibuka", da wawu a "tad'u", ya yi?

Bai yi ba. Wawun "tad'u" dole ta tafi, rufu'a gajeriya ta rage a kan aini, ba a ja. "Ujibu" kuma ba'un ya ɗauki ɗauri, ya'un da ke gabaninsa ya faɗi: "ujibka". Wannan a babin alamomin jazma yake, ka koma can kafin ka shigo sharaɗi.

Lau fa, me ke bin ta?

Mali, kuma jawabinta yakan ɗauki lam: "lau ji'ta la akramtuka", da ka zo da na karrama ka. Idan jawabin korewa ne da "ma", galibi a bar lam ɗin: "lau ji'ta ma nadimta".