Akuya mai fukafukai a cikin hoton Sallah: tambayoyi da amsoshi

Tambaya: Malam, 'yata za ta cika shekara shida, kuma kullum labarinta na wata akuya ce mai fukafukan zabo da ƙaho uku. Ina son sa ta cikin hotonmu na Sallah. A ƙauye muke kusa da Ringim, waya kawai gare ni. Daga ina zan fara?

Malama, fara da zanen yarinyar, kada ki nemo hoton wata dabba a intanet. Yaro ya san abinsa, idan ƙaho biyu ya gani maimakon uku zai ce ba ita ba ce. Ki ba ta farar takarda, ba fallen littafin makaranta ba, domin layukan nan sai sun wahalar da ke wajen gogewa. Ki ce ta zana miki akuyar, ta bi gefen da baƙin biro, ta cika launi sosai. Cikin hira ki tambaye ta tsawon akuyar. Idan ta ce ta kai ƙugun Baba, kin sami ma'auni.

Sai ki shimfiɗa takardar a inuwa da hantsi, ki riƙe wayar daidai samanta ki ɗauka, ba tare da fitilar waya ba. Fitila tana ƙyalli a kan launin, rana kuma tana jefa inuwar hannunki a kan takardar.

Tambaya: Yaya zan raba zanen da takardar?

Manhajar ibisPaint X ta isa, kuma kyauta ce. Ki buɗe hoton iyalin, ki shigo da hoton zanen a matsayin shimfiɗa ta biyu a samansa, sannan ki ɗauki magogi ki share farar takardar. Nesa da zanen ki yi da babban magogi, kusa da gefe ki zuƙo hoton da yatsu biyu ki rage girman magogin. Nan ne lokaci yake tafiya, musamman tsakanin ƙafafu da ƙahonni.

Akwai gajeriyar hanya da ake yawan nuna wa mutane, wato a sauya shimfiɗar daga Normal zuwa Multiply, fari ya ɓace nan take. Ni ban cika sonta a wannan aikin ba. Tana sa zanen ya zama shara-shara, sai ki ga katangar zaure ta cikin cikin akuyar, launin rawaya kuma ya nutse a jar ƙasa.

Tambaya: Na gwada, amma ta fito kamar an manna ta da ƙaro. Me na rasa?

Galibi abu biyu ne: inda ƙafafunta suke, da inuwa. Mu ce hoton an ɗauke shi a ƙofar zaure bayan saukowa daga Idi, Baba a tsaye, yarinyar a gefensa. Ki ja akuyar har kofatonta ya sauka a layi ɗaya da takalman yarinyar. Idan ya fi su sama za ta zama kamar tana can baya, ko tana shawagi. Sai ki daidaita girmanta, bayanta ya zo ƙugun Baba yadda aka gaya miki.

Yanzu ki dubi inuwar mutanen da ke hoton. Idan ta kwanta dama, ta akuyar ma dole ta kwanta dama. Ki buɗe sabuwar shimfiɗa tsakanin hoton da zanen, ki zaɓi Airbrush, ki ɗauki launin ƙasa mai duhu ki fesa daga kofato zuwa dama. Ki rage ƙarfin shimfiɗar zuwa wajen kashi 35 cikin 100, kina kwatantawa da inuwar Baba. Dab da kofato ki ƙara duhu kaɗan, shi ke sa ido ya yarda tana taka ƙasa. In kuma fiffikenta ya hau kan hannun yarinyar, ki goge wannan ɗan wurin, sai ya zama hannun yana gaba, kamar ta dafa ta.

Tambaya: Wajen wankewa fa?

Hoto mai inci 4 da 6 yana son ɗigo 1200 da 1800 kafin ya fito tas. Kada ki tura wa mai situdiyo ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi. Ki tura a matsayin Document, ko ki kai wayar da kanki. Hoton waya kuma ya fi wannan takarda faɗi, za a ɗan yanke gefe, don haka kada ƙahonnin su kusanci baki.

Tambaya: Yarinyar ba za ta tsorata ba?

Da wuya, tunda zanenta ne, shi ya sa ba na son a gyara shi ya koma kamar dabbar gaske. Idan ta tambaya ki gaya mata ke kika sa a waya. Kakarta ma a nuna mata takardar zanen tun kafin ranar, kada ta ga abu mai ƙaho uku kusa da jikarta ta hau salati.