Karanta akwatin neman izinin kukis a harshen waje

Akwatin neman izinin kukis shi ne allon da ke tare fuskar waya ko kwamfuta idan mutum ya buɗe wani shafin intanet karon farko, yana tambayar ko an yarda shafin ya ajiye kukis. Kuki ɗan guntun bayani ne da shafi ke bari a cikin burauzar mai ziyara. Wasu kukis ɗin aikin shafin suke yi, kamar tuna cewa mutum ya shiga asusunsa ko ya zuba kaya a kwandon saye. Wasu kuma na masu talla ne da masu ƙidayar baƙi, kuma da su ake bin sawun mutum daga shafi zuwa shafi.

Akwatin ya yawaita ne saboda dokokin Tarayyar Turai: umarnin sirrin sadarwa na 2002 da aka yi wa gyara a 2009, sai babbar dokar kare bayanai da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018. Dokokin sun ce ban da kukis ɗin da shafi ba zai yi aiki ba sai da su, dole a nemi yardar mutum tukuna. Shi ya sa shafukan ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa da Holan suka fi tare mutum da wannan allo, kuma sau da yawa cikin harshensu.

Kalmar da za a nema

A ɗauki misalin mai sayar da kayan gyaran mota a Panteka da ke Kaduna, wanda ke neman lambar wani famfon mai a shafin wani dillalin Jamus. Shafin na buɗewa, sai ga rubutu cunkus, da maɓallai uku a ƙasa: "Alle akzeptieren" mai launi ɓaro-ɓaro, "Alle ablehnen" fari fes, sai "Einstellungen" da aka rubuta ƙanana kamar ba a so a gani. Ga mai saye tsaye a bakin shago yana jira, don haka yatsa yakan tafi kan mai launin nan kai tsaye. Shi ne kuwa wanda ke buɗe ƙofa ga kowane mai bin sawu.

Inda ake ruɗewa shi ne maɓallan biyu na farko sun fara da kalma ɗaya. "Alle" na nufin duka, don haka ba ta raba gardama. Kalmar da ke biye da ita ce abin dubawa: "akzeptieren" amincewa ce, haka ma "zustimmen" da "annehmen", ita kuwa "ablehnen" ƙi ce. Wani shafin ba ya rubuta ƙi ko kaɗan, sai ya sa "Nur notwendige Cookies", wato kukis na dole kawai, kuma sakamakonsa ɗaya da ƙin.

Wannan tsari na duka haɗe da amincewa ko ƙi yana maimaituwa a harsuna da yawa. Faransanci na da "Tout accepter" da "Tout refuser". Harshen Holan na da "Alles accepteren" da "Alles weigeren". Turkanci na da "Tümünü kabul et" da "Tümünü reddet", kuma Bahaushe zai ji kunnensa ya kama "kabul", domin tushenta ɗaya da kabuli na Larabci. A Larabcin kansa "قبول الكل" karɓar duka ce, "رفض الكل" kuma ƙin duka, sai dai tunda rubutun daga dama yake farawa, jerin maɓallan ma yakan juya. Wanda ya saba danna na hagu ba tare da karantawa ba zai iya danna akasin abin da yake nufi.

Shafukan Faransa suna da nasu salon. Sau da yawa hanyar ƙi ba maɓalli ba ce, ɗan rubutu ne a can saman kusurwa: "Continuer sans accepter". Mai gaggawa yana ganin "accepter" sai ya guje shi, alhali "sans" na nufin ba tare da, wato ci gaba ba tare da amincewa ba. Haka "ohne" take a Jamusanci. Waɗannan ƙananan kalmomi biyu sun cancanci a haddace su.

Idan babu maɓallin ƙi a fili

A nan ne aikin yake. Mai kayan motar zai danna "Einstellungen", wato saituna, wanda a Faransanci yakan zo da "Paramétrer" ko "Personnaliser". Allo na biyu zai nuna rukunoni, kowanne da ɗan makunninsa. "Notwendig", wato na dole, a kunne yake kuma ba a iya kashe shi, babu laifi a nan. "Statistik" na ƙidayar baƙi ne, "Marketing" ko "Werbung" na talla. Ya kamata a tarar da waɗannan a kashe, domin Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a Oktoban 2019, a shari'ar Planet49, cewa akwatin da aka riga aka yi wa alama ba yarda ba ce. Duk da haka a duba, ba kowane shafi ke bin doka ba.

Bayan an kashe su sai tarko na biyu. A ƙasan wannan allo ma akwai "Alle akzeptieren", da launinsa kamar ɗazu, kuma danna shi yana rushe duk abin da aka zaɓa. Wanda ake nema shi ne "Auswahl speichern" ko "Auswahl bestätigen", wato ajiye zaɓi ko tabbatar da shi. Wasu alluna suna da wani sashe dabam mai suna "Berechtigtes Interesse", inda kamfanonin talla ke cewa suna da halastacciyar bukata ko ba a ba su izini ba. Makunnansa a kunne suke zuwa, sai an kashe su ko an danna "Widersprechen", wato ƙin yarda.

Wahalar da mai son ƙi ba ƙaramin abu ba ne a idon hukuma. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 ga Google da miliyan 60 ga Facebook, saboda amincewa danni ɗaya ce a shafukansu, ƙi kuwa sai an yi ta zagaye.

Iyakar abin

Wasu jaridun Jamus suna ba da zaɓi biyu kacal: ko a amince da talla da bin sawu, ko a biya kuɗin wata. Kalmar "Abo" a jikin maɓalli alamar biyan kuɗi ce, kuma babu ƙi na kyauta a irin wannan shafi. Fassarar da burauza ke yi da kanta tana taimakawa, amma wani lokaci takan fassara shafin ta tsallake akwatin, saboda daga wani wuri dabam ake loda shi.

Mai son tabbatarwa a kwamfuta zai iya danna alamar da ke gefen adireshin shafin ya duba kukis ɗin da aka ajiye. Idan an ƙi amma aka ga `_ga` na Google Analytics ko `_fbp` na Meta, kamfanin da ke da Facebook, to ko dai an danna ba daidai ba, ko tsofaffi ne daga ziyarar baya, ko shafin bai mutunta zaɓin ba. Ƙin kukis kuma ba ya ɓoye adireshin intanet na mai ziyara, shafin zai iya gane cewa daga Najeriya ake shigowa. Zaɓin kansa a cikin burauza ake ajiye shi, don haka duk ranar da aka goge kukis ko aka shiga ta yanayin sirri, akwatin zai sake fitowa. Wanda ya yi kuskure kuma zai iya gangarawa ƙasan shafin ya nemi "Cookie-Einstellungen" ko "Datenschutz" ya janye amincewarsa.