Launin Waya Ba Hujja Ba Ce

Mutane da yawa a Yamai sun ɗauka cewa duk wayar lantarki baƙa ita ce marar wuta, alhali wannan tsohon tsarin Birtaniya ne, wanda Najeriya ta gada, inda ja ke ɗauke da wuta, kore kuma na ƙasa, wato wayar kariya da ake haɗawa da ƙasa. Ƙasashen Turai sun daidaita launukansu domin kowace tana da nata, kuma masu matsalar ganin launi suna rikita ja da kore. Yanzu ruwan ƙasa ke ɗauke da wuta, shuɗi ne marar wuta, kore mai ratsin rawaya kuma na ƙasa. A tsarin Faransa da muke bi, baƙa tana iya ɗaukar volt 220, saboda haka a kashe wuta, a gwada kowace waya da na'urar gwaji kafin a taɓa ta.