Saun dizain a katun: me ake nufi, kuma ina kiɗa ya shigo?

Tun da matasa a Samaru da Sabon Gari suka duƙufa haɗa katun a waya da kwamfuta, kalmar saun dizain ta cika bakin mutane. Kwanakin baya wani mai gabatar da shiri a rediyo yana yabon wani gajeren katun, ya ce saun dizain ɗinsa ya yi daɗi har mutum zai iya taka rawa. Kiɗa yake nufi, kuma yawancin masu faɗin kalmar abin da suke nufi ke nan. Wannan ruɗanin yana damuna, domin shi ke sa yaro ya kwashe makonni yana zane, sannan ya shimfiɗa kiɗa guda daga farko har ƙarshe, ya ɗauka ya gama aikin sauti.

Saun dizain shi ne tsara duk abin da kunne zai ji a fim. A fim ɗin mutane, makirufo na kama wani abu a wurin ɗauka ko ba a so ba. Katun kuwa kurum yake zuwa, ba shi da iska, ba shi da ƙasa. Duk wani taku, duk kukan kaza, sai wani ya zauna ya sa shi da hannunsa. Kiɗa kashi ɗaya ne a cikin wannan aiki, kuma a ganina shi ya kamata ya shigo ƙarshe.

Mu ɗauki fitowa ta daƙiƙa 20. Yarinya ce ta ɗauko tire a ka, ta biyo wani lungu a cikin birni bayan Ƙofar Doka, ta shiga zaure, ta tuɓe silifa, ta yi sallama. An zana ta a firem 24, wato hotuna 24 da ke bin juna, cikin daƙiƙa ɗaya, tana sauke ƙafa duk bayan firem 12, wato taku biyu a daƙiƙa. Idan tafiyar lungun daƙiƙa 8 ce, taku 16 ke nan.

Abin da sabon hannu ke yi shi ne ya sauko da sautin taku ɗaya daga intanet, ya kwafe shi sau 16. Ko wanda bai san komai a harkar ba zai ji yarinyar na tafiya kamar agogon bango, don ba mahaluƙin da ƙafarsa ke sauka iri ɗaya sau biyu. Ga shi kuma sautin da aka sauko da shi galibi na takalmin sau-ciki ne a kan katako ko kwalta, alhali ita silifa ce a ƙafarta, a kan ƙasa mai rairayi.

Silifa kuma ba ta da sauti ɗaya. Ka saurari yaro yana wucewa ƙofar gidanku: akwai ɗan shuu lokacin da ƙafar gaba ta sauka a rairayi, sannan akwai fat lokacin da ƙafar baya ta ɗaga, silifar ta tashi ta mari diddige. Wannan marin shi ne kunnen Bahaushe ya sani. Wanda ya ɗora fat ɗin a kan firem ɗin da ƙafa ta taɓa ƙasa ya sa shi a gurbin da ba nasa ba. Gurbinsa na ɗan bayan nan, inda yatsun ƙafar baya suka bar ƙasa.

Hanyar da ta fi ita ce ka yi takun da kanka kana kallon hoton. Sunan wannan aiki foli, daga Jack Foley, wanda ya yi wa kamfanin Universal irinsa tun ƙarshen shekarun 1920. Ba sai da situdiyo ba. Ka zuba rairayi a kan buhu cikin ɗaki, ka kashe fanka, ka jira janaretan maƙwabta ya yi shiru, ka ajiye waya kamar kamu biyu daga ƙasa. Mutane da yawa sun fi samun daidaito idan suka sa silifar a hannu suna zaune. Ka ɗauki tafiyar sau uku ko huɗu, ka zaɓi wadda ta fi. In a manhajar gyaran sauti ta Audacity kake aiki, ka saita shi a 48000 Hz, wanda shi ne ma'aunin bidiyo.

Wajen daidaitawa, gara sauti ya makara da ya riga hoto. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, saboda haka mai saran itace da ke nesa da kai da mita 14, za ka ga gatari ya sauka, sautin ya iso bayan kimanin firem ɗaya. Kunne ya saba da haka tun yarinta. Abin da bai taɓa sabawa da shi ba shi ne jin sara kafin gatari ya sauka. Don haka taku da ya makara da firem ɗaya zai wuce ba a lura ba, wanda ya riga da firem biyu kuwa nan take za a ji wani abu bai zauna ba.

Da ta shiga zaure, ƙasa ta koma daɓe, rufi ya rufe ta, sai takun ya ƙara kauri da ɗan amsa-kuwwa gajere. Tana tuɓe silifa marin ya ƙare, sai tafin ƙafa a kan daɓe, wanda da ƙyar ake ji.

A ƙarƙashin duk wannan akwai sautin wuri, wato abin da lungun ke yi ko ba kowa a ciki: injin markaɗe can nesa, kurciya a kan katanga, acaɓa da ya wuce ta bakin titi. Ka ɗauko shi a lungun gaske, minti biyu ko uku, a daidai lokacin da labarin ke faruwa, don hantsi da bayan la'asar ba su da murya ɗaya. Masu ɗaukar daƙiƙa biyar su yi ta maimaitawa, zakara ɗaya ke tona musu asiri, ya yi cara iri ɗaya sau huɗu a fitowa guda. Idan yarinyar ta shiga zaure kada sautin lungun ya yanke ɗif. A rage shi, a danne siraran sautukansa, don haka katangar ƙasa ke yi wa hayaniyar waje.

Sai yanzu za a tambaya ko fitowar na buƙatar kiɗa. A ce yarinyar tsoron shiga gidan take yi saboda ta zubar da kuɗin talla. Kiɗan zai shigo a firem ɗin da ta tsaya a bakin zaure tana jinkiri, ɗan gurmi kaɗan ya isa, ya fita kafin ta buɗe baki, don sallamarta ta fito a sarari. Daƙiƙa huɗu ko biyar ne cikin 20. Da an shimfiɗa shi tun daga lungu, da ya cinye marin silifa da kurciya, kuma lokacin da ta tsaya babu wani sabon abu da zai shaida wa mai kallo cewa gabanta ya faɗi.

Kafin ka fitar da aikin, ka kashe layin kiɗa, ka juya wa allo baya, ka ba wani ya saurara tare da kai. In ya iya faɗin inda ta bar lungu ta shiga zaure, takun da sautin wurin sun yi. Sannan ka cire iyafis ka kunna a lasifikar waya, inda mafi yawan masu kallo za su ji shi. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da sauti mai kauri, saboda haka takun ƙafa ba takalmi a kan daɓe shi ke fara ɓacewa. In ya ɓace, ka ɗan ɗaga shi, ko ka ƙara masa motsin zanenta da ƙarar tire lokacin da ta sauke shi.