Amsa ƙorafin dogon jira a asibiti ba tare da an ɗauki laifi ba

Ni ke riƙe da teburin ƙorafi a asibitinmu. Wani ya rubuto cewa mahaifiyarsa mai ciwon suga ta yi awa shida a benci kafin ta ga likita. In na ba shi haƙuri a rubuce, na amsa laifi ke nan?

A'a, muddin ka san abin da kake ba da haƙuri a kansa. Jiran ya faru, yana cikin rajista, musanta shi ba zai amfane ku ba. Abin da lauya ke nema a wasiƙa shi ne jumlar da ta ce kun yi sakaci, ko ta ce jinkirin ne ya jawo wata illa. In ka rubuta "Mun ji takaicin jiran da Hajiya ta yi, muna ba ku haƙuri", tausayi ka nuna. In kuwa ka rubuta "Sakacin ma'aikatanmu ne ya sa jikinta ya tsananta", ka yanke hukuncin da ko likita bai yanke ba tukuna, kuma takardar na iya zama hujja a kotu.

A Ingila, dokar diyya ta 2006 ta fayyace cewa ba da haƙuri shi kaɗai ba amsa sakaci ba ne. Tasu ce, ba ta aiki a Najeriya, don haka nan sai ka auna kalmominka.

Daga ina zan fara?

Fara da gajeriyar takarda cikin kwana biyu ko uku: ƙorafi ya iso, ana bincike, za a ba da cikakkiyar amsa ranar kaza. Sannan ka dubi wanda ya sa hannu. Ɗanta ne, ba ita ba, kuma sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana bayyana bayanin mara lafiya sai da izininsa a rubuce, in ban da wasu 'yan dalilai kamar umarnin kotu. A wajenmu abin zai yi banbaraƙwai, a ce ɗa sai ya kawo izinin uwa, amma ka nema.

Daga nan sai ka bi sawun lokaci: rajistar ɗakin kati, littafin nas mai awon jini da suga, da jadawalin likitocin ranar. A ce ka tarar an fito da katinta ƙarfe 8:10, an auna ta 9:00, ta ga likita 2:05, kuma ɗaya daga likitoci uku an ja shi sashen gaggawa tun 10:00.

Yaya wasiƙar za ta kasance?

"Assalamu alaikum, Malam. Mun gode da ka rubuto mana. Rajistarmu ta nuna an fito da katin Hajiya da ƙarfe 8:10 na safe, ta ga likita da 2:05 na rana. Wannan jira ya yi tsawo, balle ga dattijuwa mai ciwon suga, kuma muna ba ku haƙuri. A ranar an tura ɗaya daga likitocinmu uku sashen gaggawa, babu kuma wanda ya fito ya sanar da masu jira. Daga ranar Litinin nas za ta riƙa zagaya benci duk bayan awa ɗaya, ta sake duba tsofaffi da masu suga, ta faɗa musu inda layi yake. In kuna so mu zauna, ga lambar ofishina. Allah Ya ƙara mata lafiya."

Lura cewa babu "amma" bayan haƙurin. Da zarar ka ce "amma marasa lafiya sun yi yawa", ka janye haƙurin da ka bayar. Haka nan "idan ranku ya ɓaci": mutumin ya riga ya faɗa maka ya ɓaci. Kada ka kama sunan nas ko likita, kada kuma ka yi alkawarin gyaran da shugaban sashe bai amince da shi ba, domin Malam zai dawo da Hajiya ranar asibitinta ya gani da idonsa. A ƙasa ka nuna masa inda zai ɗaukaka ƙorafin in bai gamsu ba, kamar ofishin SERVICOM mai karɓar ƙorafi kan ayyukan gwamnati, ko na shugaban asibiti.

In ya ce ta suma a layi, ko yana neman diyya fa?

To magana ta wuce teburinka. Aika takardar farko kawai, ka miƙa fayil ga shugaban asibiti da lauyansa kafin wata amsa ta fita, babban likita kuma ya duba ko jinkirin na da hannu. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ya hana ƙin kula da mai buƙatar taimakon gaggawa, saboda haka za a tambayi lokacin da aka gane halin da take ciki. Kada kowa ya taɓa katinta don gyara lokaci ko ƙara rubutu da tsohon kwanan wata. In bincike ya nuna an yi kuskure, za a faɗa wa iyalin gaskiya, sai dai likita da lauya ne za su tsara yadda za a faɗa.