Fashin baƙi: me ya sa ba a sa wa advice, information da furniture harafin s?

Jita-jita biyu ke yawo tsakanin ɗalibanmu na ajin ƙarshe a nan Sakkwato, kuma kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta. Ta farko ta ce duk wanda ya rubuta advices a insha'in WAEC, mai maki zai ja wa takardarsa jan layi, ya faɗi Turanci ke nan. Ta biyu ta ce ai an soke dokar, tun da ƙamus ɗin Oxford ya karɓi Turancin Najeriya. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare, kuma a mako guda an kawo min su duka, har wata ɗaliba ta tare ni a bakin aji idonta ya ciko da ƙwalla tana cewa, "Malam, wallahi na rubuta informations a gwajin da muka yi, shi ke nan na faɗi?"

Ta biyun ba ta da wuya. Gaskiya ne a watan Janairun 2020 ƙamus ɗin ya ƙara wasu kalmomin Najeriya, irin su okada da danfo da Kannywood. Kalmomi aka ƙara. Ba a taɓa nahawu ba, kuma furnitures ba ta cikinsu, ko da allon masu kujeru nawa ka gan ta a kansa a cikin gari.

Ga abin da dokar ta ce. Turanci ya raba sunaye gida biyu: waɗanda ake ƙirgawa da waɗanda ake aunawa. Mu ma muna da wannan, ba mu dai lura ba ne. Ba wanda zai shiga kasuwar Kara ya ce a ba shi gero uku, sai dai mudu uku ko buhu uku, domin mudun ake ƙirgawa, geron ana auna shi. Haka man gyaɗa da kwalba. To Bature ya ɗauki shawara da bayani da kayan ɗaki ya zuba su a buhu ɗaya da gero. A wurinsa advice tsibi ne, ba guda-guda ba. Harafin s kuwa aikinsa ya nuna cewa abu ya wuce ɗaya, kuma abin da ba a ƙirga shi ɗaya ba, ba yadda za a yi ya zama biyu. 'Yan gidan da suka fi kayar da ɗalibai su ne equipment, luggage, evidence, knowledge, homework da news.

Furniture ta fi sauƙin ganewa. Sunan taro ne da ya haɗe gado da kujera da teburi da kabad, kamar yadda muke cewa kayan ɗaki. Za ka ƙirga chairs, za ka ƙirga beds, amma laimar da ta rufe su ba ta ƙirguwa.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne zaton cewa cire s kawai aka ce a yi. Dokar tana da sassa huɗu da ke tafiya tare: ba s, ba a ko an a gaban kalmar, ba many ko few sai much ko some ko a lot of, sannan aikatau ya zo a tilo. Ga jimlar da wani yaro ya rubuta min a wasiƙar gwaji:

My uncle gave me many advices and an information about the furnitures which are in the hostel.

Da na ce ya gyara, sai ya goge s guda biyu ya miƙo min yana murmushi. Saura uku suna nan daram: many, an, da are. Daidai ita ce:

My uncle gave me a lot of advice and some information about the furniture which is in the hostel.

In kuwa dole sai ka faɗi adadi, sai ka nemo mudu. Mudun da ya fi shiga ko'ina shi ne piece: a piece of advice, two pieces of information, three pieces of furniture. Lura da inda s ɗin ta sauka, a kan mudun, ba a kan geron ba. Hanyar gwada kanka kuma ita ce ka tambayi kalmar da how many da how much. Wadda ta amsa how much, kada ka sa mata s.

Yanzu hukuncin, wanda shi ne ya hana yara barci. Insha'in WAEC maki 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu, wato nahawu da ƙa'idar rubutun kalmomi da alamomi. A wannan goman na ƙarshe ake cire rabin maki a kan kowane kuskure. Ke nan advices guda ɗaya rabin maki ce, ba faɗuwa ba. Amma kada a miƙe ƙafa. Jimlar yaron nan, in aka ƙirga kurakuranta biyar ɗaya bayan ɗaya, maki biyu da rabi ta cinye, a layi ɗaya tal. Kuskure ashirin ya isa ya share goman baki ɗaya, kuma insha'in kalma 450 yana da filin da zai ɗauki fiye da haka. Ɗalibar nan na ce mata ta share hawayenta, ta je ta ƙirgo min sau nawa ta maimaita kalmar. Sau huɗu.

Akwai sashe mai ruɗarwa, kuma da shi masu gardama ke kafa hujja. Wani zai ce, "Malam, ai na ga advises a littafi." Ka gani, amma wannan aikatau ne, da s a tsakiya ba c ba: she advises me, tana ba ni shawara. Sunan shi ne advice, kuma shi ba ya motsi. Wasu kalmomin kuma fuska biyu gare su. Paper in takardar rubutu ce ba ta ƙirguwa, amma papers na nufin jaridu ko takardun shaida. Work in aiki ne ba ta ɗaukar s, shi ya sa homeworks kuskure ne, amma works na nufin rubuce-rubucen marubuci, ko ayyukan gine-gine kamar a sunan ma'aikatar ayyuka. News kuwa da s ɗinta aka haife ta, amma tilo ce: the news is good. Ko informations ɗin ma tana bayyana a harshen lauyoyi da ma'anar takardun tuhuma, sai dai wannan ba ruwan mai rubuta wasiƙa zuwa ga kawunsa.

Ni a ganina yaran nan ba daƙiƙai ba ne, kuma dokar ba ta da hujjar hankalin da ake yi mata ado da ita. Bahaushe yana cewa shawarwari, bayanai, labarai, kayayyaki, duka da jam'i. Wanda ya yi Islamiyya ya san ma'alumat jam'i ce. Ka ƙetara Illela zuwa Birnin Ƙonni, ɗan makaranta zai rubuta des informations da Faransanci malaminsa ya ba shi maki cikakke, alhali daga Faransancin Turanci ya aro kalmar. Yaron da harsuna uku suka koya masa ƙirga bayani, rana ɗaya a ce masa bayani gero ne, dole hannunsa ya riƙa kai masa s. Al'adar harshe ce kawai, sai a haddace ta kalma-kalma. Ni dai abin da nake sa ɗalibaina shi ne, duk kalmar da suka yi shakka su duba ƙamus: in sun ga [U] a gefenta ba ta ƙirguwa, in [C] ce tana ƙirguwa, in kuma duka biyun ne, su karanta misalan kafin su rubuta.